Bidiyon awa ɗaya da rabi: yadda za ka mai da shi sauti da gajeren rubutu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Duk mako ina ɗaukar bidiyon hira da wani makanike a Agege kan kula da keke napep, kusan awa ɗaya da rabi, in ɗora a YouTube. Amma direbobin da nake yi dominsu ba sa kallo, wai ba data, ba lokaci. Ta yaya zan mai da shi sauti kawai da kuma gajeren rubutu? Ina da kwamfuta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Raba sauti da hoto aikin minti biyu ne, kuma shi ne mafi sauƙi a cikin abin da ke gabanka. Inda aikin yake shi ne gyara hirar ta yadda wanda idonsa ke kan titi, yana kutsawa tsakanin danfo a Pen Cinema, zai fahimci abin da ake faɗa ba tare da ya ga komai ba. Don haka zan wuce na farkon da sauri, in daɗe a kan na biyun.

Ka fara da ainihin fayil ɗin da ke cikin kyamara ko wayar da ka ɗauka da ita, kada ka sauko da na YouTube. Wanda aka ɗora an riga an matse sautinsa sau ɗaya, idan ka sake matse shi muryar za ta riƙa fita da wani ƙarfe-ƙarfe. Ka saka ffmpeg, manhajar sauya tsarin bidiyo da sauti, a kwamfutarka, kyauta ne. Ka buɗe Command Prompt ko Terminal a folda da bidiyon yake, ka rubuta wannan, ka sa sunan bidiyonka a madadin `hira.mp4`:

```
ffmpeg -i hira.mp4 -vn -ac 1 -ar 44100 hira.wav
```

`-vn` na nufin a ajiye hoto gefe, `-ac 1` kuma ya haɗe sautin hagu da na dama su zama layi ɗaya, domin magana ba ta buƙatar layi biyu. Fayil ɗin zai fito da nauyi, wajen megabait 475 na minti 90. Kada hakan ya dame ka, na aiki ne, ba shi za ka raba wa mutane ba.

Kafin ka ci gaba, ka sa iyafis ka saurari minti ɗaya. Idan ka ji muryar ta yi nisa ko ta kusa ɓacewa alhali a bidiyon tana fita raɗau, matsalar daga haɗewar ce. Wasu ƙananan makirufo na maƙalawa a riga suna aika sauti gefe ɗaya ne kawai, ɗaya gefen babu komai sai shuuu, wasu kuma saboda matsalar jonin wayarsu gefen biyu suna fitowa a kishiyance, sai su cinye juna idan an haɗe su. Maganinsa ka ɗauki gefe ɗaya kawai:

```
ffmpeg -i hira.mp4 -vn -af "pan=mono|c0=c0" hira.wav
```

Wannan gefen hagu ne. Idan muryar a dama take, ka mai da `c0=c0` ya zama `c0=c1`.

Yanzu ka buɗe fayil ɗin a Audacity, manhajar gyaran sauti, ka ɗauki biro da takarda, ka saurare shi daga farko har ƙarshe kana kallon bango, ba bidiyon ba. Duk inda makaniken ya ce "ka ga nan", "wannan ɗin" ko "idan ya yi haka", ka rubuta mintin. A hirar gyaran inji irin waɗannan wurare suna da yawa ƙwarai, kuma su ne ke sa mai sauraro ya kashe. Misali, a minti na 12 ya ɗaga fulogi ya ce, "Duk wanda ya ga nasa ya koma haka, to ya duba can." Mai kallo ya ga baƙin fulogi, ya ga yatsa na nuna gidan filtar iska. Mai sauraro bai samu komai ba. Sai ka ɗauki muryarka, jimla ɗaya, ka saka kafin maganarsa: "Yana riƙe da fulogin da bakinsa ya yi baƙi ƙirin da busasshen hayaƙi, zai kuma nuna filtar iska." Ka yi ɗaukar a ɗaki mai labule da katifa, ka rufe taga, ka kashe fanka. Inda kuma ya yi minti biyar yana kwance noti ba magana sai ƙarar sifana, yanke shi gaba ɗaya, ka ce "ya kwance murfin" ka wuce. A ɗauka ta gaba ka roƙi oga ya riƙa kiran sunan kowane abu da ya taɓa. Wannan roƙon kaɗai zai rage maka aiki sosai.

Sai yankawa. Kada ka saki minti 90 a dunƙule, kuma kada ka raba shi da agogo, wato kowane kashi minti talatin cif, domin wuƙar za ta faɗa tsakiyar magana. Raba shi da batu. A ce hirar ta wannan makon ta taɓa fulogi da filta, sannan baƙin mai, sannan birki, sai tambayoyi. Gaisuwar farko, jiran baƙo, gyara kujera da "ana ji na?" duk su tafi, ka bar sallama ɗaya. Da wuya abin da zai rage ya wuce minti 70, wanda zai ba ka kashi huɗu na minti 15 zuwa 20. Wannan tsawon direba zai iya gamawa yana layi a tasha kafin kekensa ya cika sau biyu ko uku. A farkon kowane kashi ka faɗi sunan shirin, wanda ke magana da batun yau cikin daƙiƙa ashirin, saboda fayil ɗin zai yi yawo daga waya zuwa waya, kuma yawancin waɗanda zai isa gare su ba su ji kashin da ya gabace shi ba. A Audacity ka danna farkon kowane kashi ka latsa `Ctrl+B` ka sa masa suna, wajen fitarwa ka zaɓi a raba fayilolin bisa `Labels`, zai fitar maka da huɗun a lokaci guda.

Kan tsaftace sauti, a Legas abokan gabarka biyu ne: janareto da titi. Gurnanin janareto da na fanka ba ya canzawa, don haka ana iya rage shi. Ka fara da `High-Pass Filter` a kan 80 Hz don ya zubar da rugugin ƙasa. Sannan ka nemi daƙiƙa biyu da ba wanda ke magana, ka zaɓe su, ka shiga `Noise Reduction` ka danna `Get Noise Profile`, ka dawo ka zaɓi dukkan sautin ka rage da 6 zuwa 12 dB. Kada ka zarce haka. Alamar ka zarce ita ce muryar ta koma kamar mai magana a cikin ruwa, ƙarshen kalmomi na gutsirewa. Ɗan gurnani kaɗan kunne na sabawa da shi cikin minti ɗaya, amma lalatacciyar murya ba a sabawa da ita. Hon ɗin mota da ihun kwandasta kuwa wannan hanyar ba ta cire su, domin zuwa suke yi su wuce. Idan sun faɗa tsakanin jimloli ka yanke, idan sun hau kan magana ka haƙura.

Abu na ƙarshe a nan shi ne ƙarfin murya. Mai saurarenka yana cikin hayaniya, sau da yawa da iyafis ɗaya a kunne ko lasifikar ƙaramar waya. Idan muryarka ta fi ta makaniken ƙarfi saboda kai ne kusa da makirufo, ka zaɓi wurarensa ka ɗaga su da `Amplify`, sannan ka bi duka da `Loudness Normalization` a kan -16 LUFS, ma'aunin da aka saba amfani da shi a shirye-shiryen magana. Gwajin gaskiya shi ne ka tura wa wayarka, ka fita bakin titi ka saurara.

Ka fitar da shi a MP3, layi ɗaya, `64 kbps`. Lissafin a fili yake: kowane minti yana cin kusan rabin megabait, kashi mai minti 20 bai kai megabait 10 ba. Da ka bar minti 90 ɗin a `128 kbps`, da ya haura megabait 85, kuma kunne ba zai ji wani bambancin a zo a gani ba a magana zalla. Akwai tsarin da ya fi MP3 matsewa, amma na fi son MP3 saboda ƙaramar waya mai madannai da rediyon keke mai cin memori duk suna karanta shi. Sunan fayil ya zama kamar `01-fulogi-da-filta.mp3`, lamba a gaba don su jeru, ba ƙ, ɗ ko ɓ a ciki domin wasu na'urorin akwatuna suke nunawa a madadinsu. A WhatsApp ka tura shi a matsayin `Document`, ta haka sunan zai bi shi duk inda aka tura. Idan kana son ma'ajiya ta dindindin, Spotify for Creators na karɓar irin waɗannan shirye-shirye kyauta, amma ga mutanenka zauren WhatsApp na tasha ne zai fi aiki.

Rubutun kuma, kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta talla: "Sabon shiri ya fito, ku shiga ku kalla." Wanda ba ya kallo bai ƙaru da komai ba. Wasu kuma su kwafe maganar baki kalma da kalma, da "ka gane ko" da maimaici, ta zama doguwar igiya. Abin da ya dace shi ne kowane rubutu ya ɗauki darasi ɗaya ya kammala shi, yadda ko mutum bai taɓa jin sautin ba ya samu abin amfani. Takardar da ka rubuta mintoci a kai ita ce jagorarka, kowane kashi zai ba ka rubutu biyu ko uku. Ga na minti 12 ɗin nan:

"Kekenka na shan mai fiye da da, yana kuma wahalar tashi da safe? Kwance fulogi ka duba bakinsa. Idan ya yi baƙi da busasshen hayaƙi, mai ya fi iska yawa a injin. Kafin ka sayi sabo, duba filtar iska, sau da yawa ƙura ce ta toshe ta. Idan kuwa baƙin jiƙe yake da maiƙo, baƙin mai ne ke shiga inda bai kamata ba, wannan sai makanike. Cikakken bayani a kashi na 1, minti 18, megabait 9."

Ka lura alamar da direba ke gani ce a layin farko, domin shi ne abin da ido ke fara kamawa. Faɗin tsawo da nauyin fayil a ƙarshe kuma yana sa mai ƙaramar data ya yanke shawarar saukewa. Rubutun `Status` na WhatsApp yana tsayawa a harafi 700, wannan ya shiga har da saura. Ka rubuta da Gboard ka ƙara Hausa a jerin harsunansa don samun haruffa masu lanƙwasa. Kuma kafin ka saki, ka karanta wa makaniken a waya. Wajen taƙaitawa ne "wani lokaci" ke komawa "kullum", kuma idan direba ya kashe kuɗi a banza, sunan oga zai kira a tasha, ba naka ba.