Harafi na fitowa biyu-biyu: laifin saiti ne ko na madanni?

Tambaya: Malam, kwamfutata ta fara ninka harafin "a". In rubuta "kasa" sai "kaasa" ta fito, wani lokacin kuma rubutun na jan ƙafa. Mai gyara ya ce bairos ne, sai an goge komai. Aikin makarantata na ciki, hankalina a tashe yake.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki yarda a goge komai. Wannan magana ta ishe ni, kusan kullum sai na ji ta. Wane irin bairos ne zai tsallake duk haruffan kibod ya maƙale wa "a" kaɗai? Mutum bai ko gwada madannin ba, ya yanke hukunci, saboda gogewa ce kawai aikin da ya iya. A share wa baiwar Allah wahalar shekara guda, a karɓi kuɗinta, ta kunna kwamfuta "kaasa" na nan daram. An yi ba a yi ba ke nan.

In Windows ce, danna Win da R, ki rubuta `control keyboard`, ki danna Enter. Za ki ga saiti biyu, Repeat delay da Repeat rate. Repeat delay shi ne jiran da kwamfuta ke yi kafin ta soma maimaita harafin da kika danne. Matakinsa huɗu ne, daga kusan kwatan daƙiƙa zuwa daƙiƙa 1. Repeat rate kuwa gudun maimaitawar ne bayan ta soma, daga kusan harafi 2 zuwa 30 a daƙiƙa. Bar wannan, ba shi da hannu a fitowar harafi na biyu.

Ja Repeat delay har ƙarshen Long, ki danna OK, ki buɗe Notepad ki rubuta "kasa" sau 30. In ninkin ya ɓace, yatsanki ne ke daɗewa a kan madanni, kuma kin gama. In yana nan, kuma "a" ɗin ce dai, madannin ne ke karkarwa: datti ko tsufa ya sa dannawa ɗaya tana isa kamar biyu, cikin ƙiftawar ido, tun kafin jiran ya ƙare. Saitin nan ba ya maganinsa. Jona wani kibod ta USB ki tabbatar, sannan a share ƙarƙashin madannin ko a sauya kibod ɗin.

Jan ƙafar kuwa, duba Filter Keys a Accessibility cikin Settings, saitin da in yana kunne yakan sa kibod jinkirin karɓar dannawa. Danne Shift na dama na daƙiƙa 8 yana kunna shi, mutane da yawa ba su san sun yi ba. A cikinsa akwai bounce keys da ke watsi da dannawa ta biyu in ta zo da sauri. Yana rage ninkin kafin a yi gyara, amma in hannunki na da gudu zai haɗiye na halak ma, "sannu" ta koma "sanu". Kuma tun yau ki kwafe aikin nan a filash kafin kowa ya taɓa kwamfutar.