Hukuncin aika wa jami'in ɗaukar ma'aikata saƙon godiya bayan an ƙi ɗaukar mutum aiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mutumin Kano ne, shekarata huɗu a Jidda ina aikin lissafin kaya a sito na wani kamfani. Na nemi aiki a wani kamfanin da ya fi namu albashi, aka yi mini intabiyu har sau uku, daga baya jami'in da ke ɗaukar musu ma'aikata ya turo imel cewa sun ɗauki wani. Mutumin ya kyautata mini sosai. Ina so in rubuta masa godiya, in roƙe shi ya tuna da ni idan wani gurbi ya buɗe. Wani abokina ɗalibin ilimi a Makka ya ce kada in yi, wai wannan roƙon mutane ne da neman muƙami, kuma rashin yarda ne da ƙaddara. Na riga na tsara saƙon, na sa cewa wasu kamfanoni biyu suna nemana, don kada ya ga kamar na matsu. Ina kuma da kwalbar turaren oud ta riyal 300 da nake son aika masa. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, saƙon halal ne, kuma idan gaskiya ce a ciki akwai lada, domin godiya ga wanda ya kyautata maka abu ne da babu saɓani a kansa. Amma ka tambaye ni abin da ba shi da laifi, ka ajiye abubuwa biyu masu laifi a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba. Da su zan fara.

Turaren nan kada ya bar ɗakinka. Wannan mutum albashi ake biyansa don ya zaɓar wa kamfani wanda ya fi cancanta, kuma kai da bakinka ka ce kana so ya tuna da kai a gurbi na gaba. Wato hukuncinsa a kanka bai ƙare ba, yana nan tafe. Ka san ƙissar Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuwa kyauta aka ba ni, Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa. Ka auna naka da wannan ma'auni: da mutumin nan mai sayar da kayan miya ne a Bab Makka, za ka kashe masa riyal 300? In ba za ka yi ba, kujerarsa ka yi wa kyauta. Da a ce abokinka ne tun da can, kuna musayar tsaraba kafin zancen aiki ya taso, malamai sun sassauta a kan abin da aka saba, ba tare da ƙari ba. Kai kuwa a intabiyu ka san shi. Ta fuskar duniya ma asara ce. Dokar rashawa ta Saudiyya ta haɗa da ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, kuma jami'i mai tsoron aikinsa, da zarar ya ga kwalba daga mai neman aiki, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya mayar da ita ya kuma cire sunanka.

Sai batun kamfanoni biyu. Daga yadda ka faɗa na fahimci babu su. In babu su, share wannan layi. Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim ya kamanta mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba da mai sanye da tufafin ƙarya guda biyu. Kuma masu wannan sana'a sun san juna, tambaya ɗaya ce za ta tona ka: wane kamfani, nawa suka yi maka tayi?

Yanzu ga maganar abokinka. Ba daga iska ya ɗauko ta ba, shi ya sa zan tsaya a kanta. Hujjarsa hadisin Abdurrahman ɗan Samura ne, da aka ce masa kada ya nemi sarauta, domin in an ba shi don ya nema za a bar shi da ita, in kuwa an ba shi ba da nema ba za a taimake shi. Da kuma hadisin Abu Musa, lokacin da mutum biyu daga dangin Ash'arawa suka nemi a naɗa su, aka ce ba a ba wa wanda ya nema ko ya yi kwaɗayi. Duka biyun ingantattu ne. Kuskuren yana wajen ɗora su a inda ba su sauka ba. Maganarsu a kan wilaya ce, wato iko a kan jama'a: sarauta, alƙalanci, riƙon dukiyar baitulmali, inda mutum yake hukunci a kan jini da dukiya da mutuncin Musulmi. Abin da kake nema sunansa ijara a fiƙihu. Kai kana sayar da ƙwarewarka da awoyinka, su suna biya, kamar yadda mai shago yake tallan hajarsa. Ba mu ji malami ya ce tela ya zauna shiru kada ya gaya wa kowa yana ɗinki ba. Annabi Musa (AS) aikin ƙwadago ya yi a Madyana shekara takwas ko goma da yarjejeniya bayyananna, kuma ayar da ke Suratul Ƙasas ta ambaci abin da ake dubawa, ƙarfi da amana, abin da jami'in nan ya zauna sau uku yana aunawa a kanka ke nan.

Ko a babin wilayar ma hanin bai game kowa ba. Annabi Yusuf (AS) ya ce a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalilinsa, shi mai tsarewa ne, masani. Usman ɗan Abil As ya ce wa Manzon Allah (SAW) ya sanya shi limamin mutanensa, aka ce masa kai ne limaminsu. Daga nan malamai suka fitar da cewa wanda ya san ya iya, ba ɗaukaka yake nema ba, yana iya gabatar da kansa. In an yarda da wannan a limanci, ina ga ƙirgar kwalaye a sito?

Roƙon da aka zarga kuwa shi ne miƙa hannu a ba ka dukiyar mutane ba da musayar komai ba. Mai neman aiki guje wa wannan yake yi. Zancen ƙaddara ma haka: Allah da ya rubuta cewa ba za a ɗauke ka a wannan gurbi ba, shi ne ya umarce ka da bin sababi a na gaba. Rashin yarda da ƙaddara shi ne ka kwana kana cizon yatsa kana cewa da na yi kaza, ko ka rubuta wa mutumin kana tuhumarsa da son kai. Abu ɗaya zan bar wa abokinka, kuma ka riƙe shi: in zuciyarka ta fara ganin abincinka a hannun wannan jami'i yake, har kana duba waya kowace awa ko ya amsa, to can ne ciwon yake, sai ka yi maganinsa a sallar dare.

Ka kuma lura da iyakar da ke tsakanin mudarat da mudahana. Ibnu Hajar ya kawo daga Ƙurɗubi cewa mudarat ita ce ka ba da wani abu na duniya, kamar sakin fuska da tausasa magana, don gyaran duniya ko addini, kuma halal ce. Mudahana ita ce ka saki addini don duniya. Yaba abin da mutumin ya yi da gaske, kamar sanar da kai sakamako a kan lokaci alhali da yawa shiru suke yi, mudarat ce. Ce masa ba ka taɓa ganin mutum kamarsa ba, wannan fadanci ne.

Ga yadda nake ganin za ka rubuta, da Larabci ko Turanci, duk wanda kuka saba. Ka amsa a kan imel ɗin da ya turo domin ya gane ka nan take, cikin kwana biyu ko uku, a ranar aiki, wato Lahadi zuwa Alhamis:

"Assalamu alaikum. Na samu saƙonka game da gurbin mai kula da sito, na gode da ka sanar da ni, da lokacin da kuka ba ni a zama uku. Na amfana musamman da bayanin yadda kuke ƙirgar kaya a ƙarshen wata. Har yanzu ina sha'awar aiki da ku, a Jidda ko Dammam. In akwai abu ɗaya da kake ganin in gyara, zan ji daɗin sani. Ina neman izinin in turo maka sabbin takarduna idan na ƙara wata shaida."

Ya isa haka. Kada ka nemi a sake duba hukunci, kada ka tambayi wa aka ɗauka. In bai amsa tambayar gyaran ba, ba wulaƙanci ba ne, kamfanoni da yawa suna hana jami'ansu faɗin dalili. Sau da yawa ma dalilin ba a jikinka yake ba. Tun 2011 tsarin Niɗaƙat yake auna kamfani da yawan 'yan ƙasa da ya ɗauka, kuma gurbi guda yana iya sauya masa mataki. Bayan wannan saƙo ka yi shiru wata uku ko huɗu, sannan ka dawo da labari na gaske, kamar shaidar wani kwas da ka gama, ko ka ga sun yi tallan gurbi a LinkedIn ka ambace shi da sunansa. Abin da 'yan'uwanmu suke yi na tura hoton barka da Juma'a kowane mako ta WhatsApp ga mutumin da suke son abu a wurinsa, ni ban so shi. Addu'a ce aka mayar ƙugiya, kuma shi ma ya gane. Gaisuwar idi sau biyu a shekara babu laifi. Da jami'in mace ce, hukuncin saƙon ɗaya ne, sai dai a tsaya a imel na aiki da maganar aiki.

Saura abin da ba ka tambaya ba. Kana ƙarƙashin kwantiragi da wani kamfani yanzu, kuma awoyinka nasu ne. Kada ka rubuta saƙon nan da imel ɗinsu ko a lokacin aikinsu, kada kuma neman shiga wurin sabon jami'i ya kai ka faɗin farashin kayansu ko sunayen abokan cinikinsu. Tun watan Maris na 2021 ma'aikacin kamfani da ya cika shekara guda yana iya sauya wurin aiki ta Qiwa, dandalin intanet na ma'aikatar ƙwadago, bisa sharuɗɗan da aka gindaya har da wa'adin sanarwa. Ka buɗe kwantiraginka ka karanta wa'adin naka tun yanzu, domin in an kira ka aka ce yaushe za ka fara, ka faɗi ranar da za ka iya cikawa. In kuma wani ya zo maka da cewa ya san jami'in, ka ba shi kuɗi ya sa a ɗauke ka, ka rabu da shi. Kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙama, wato izinin zama, da na izinin aiki, doka a kan mai ɗaukar aiki ta ɗora su.

Turaren kuwa, ka aika wa mahaifinka in yana raye. Allah ya buɗa maka na alheri. Wallahu a'alam.