Bashin karatun ɗana: nawa zan ci?

"Ni ɗan kasuwa ne, ɗana ya samu gurbin karatun shekara 4 a jami'a, ribata kuma ba za ta ɗauki nauyin duka ba. Nawa ya kamata mu ranta, kuma yaya za a biya in ya gama?"

Malam, Allah ya sanya albarka a karatun. Ka fara lissafi daga abin da za a iya biya duk wata bayan an kammala, shi zai nuna maka iyakar abin da za ka karɓa. Abin da mai ba da bashi ya yarda ya ba ka ba shi ne ma'auni ba.

Ga misali da lambobi zalla, kai ka sa naka. A ce giɓin da ya rage bayan ribarka da tallafin karatu 100,000 ne a shekara, kuɗin ruwa kuma kashi 10 cikin 100 duk shekara, yana hawa tun ranar karɓa. Za ka ɗauka 400,000 ake bin ku. Amma rancen shekarar farko ya yi shekara 4 yana haihuwa, ya zama kusan 146,000, na biyu 133,000, na uku 121,000, na ƙarshe 110,000. Ranar da yaro zai fito, bashin ya kai 510,000. In aka raba biyansa a shekara 10, kusan 6,700 ne duk wata, jimilla ta haura 800,000. A shekara 5 kuwa kusan 10,800 ne a wata, jimilla wajen 650,000.

Shawarata, kada biyan wata ya wuce kashi 10 cikin 100 na albashin da yaron zai fara da shi. Ke nan 6,700 na buƙatar albashin 67,000. Ka tambayi waɗanda suka gama wannan fannin kwanan nan nawa suka fara samu, da tsawon zaman da suka yi kafin aiki, ka ɗauki albashi mafi ƙanƙanta. In bai kai ba, bashin ya yi yawa, a rage shi, ko da ta neman makaranta mai sauƙin kuɗi.

Kafin ka sa hannu, ka sa a rubuta maka yaushe ruwan ke fara hawa, wata nawa ake ɗaga ƙafa bayan kammalawa, kuma ko akwai tara ga wanda ya biya da wuri. In da rance marar ruwa, shi za ka fara nema. Ka riƙa karɓa shekara-shekara, kada ka kwashe duka lokaci guda.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaya masa da za ka yi. In yaro bai samu aiki ba, kai za a kama. Don haka ka auna ko ribarka a watan da kasuwa ta fi mutuwa za ta iya biyan kuɗin watan ba tare da ka taɓa jari ba. Kada kuma ka ba da shagonka jingina, domin da shi ake ciyar da sauran ƙannensa.