Miliyan 30 a Kano: Gyaɗi-Gyaɗi, Danbare ko Kurna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, na tara naira miliyan 30 ina so in sa a gidan haya. Dillalai sun nuna min gida a wani lungu a Gyaɗi-Gyaɗi, miliyan 27, hayarsa miliyan 1 da dubu 200 a shekara. Akwai fili a Danbare, miliyan 8, an ce in gina ɗakuna 6 na ɗalibai, kowane dubu 400. Sai gidaje biyu a Kurna, miliyan 13 kowanne, hayar duka biyun miliyan 2. Wace unguwa ce ta fi riba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a cikin abin da ka tara.

Farashin gida da kuɗin haya a Kano ba tare suke tafiya ba, kuma nan ne ƙananan masu zuba jari suka fi yin kuskure. Farashi yana bin ƙasa: ina filin yake, wane titi ya kalla, wace takarda gare shi, su wane ne maƙwabta. Haya kuwa aljihun ɗan haya take bi, albashinsa ko cinikinsa na yau da kullum. Masu kuɗi suna iya yin rububin ƙasa har ta ninka, amma albashin malamin makaranta ba ya ninkawa don an yi rububin unguwarsu. Shi ya sa idan ka jera unguwannin birnin nan bisa tsada, sannan ka sake jera su bisa abin da haya ke mayar wa mai gida a kan kowace naira ɗari da ya zuba, za ka ga jerin ya kusa juyewa.

A sama akwai Nasarawa GRA da Bompai da wasu sassan Tarauni. Hayar can ita ce mafi tsada a gari, amma ƙasar ta fi hayar tsada nesa ba kusa ba, kuma miliyan 30 ba ta shiga wannan layin, don haka mu wuce. Na biye su ne Gyaɗi-Gyaɗi, Titin Gidan Zu, Hotoro, Sharaɗa, Kabuga, Janbulo da Rijiyar Zaki, inda ma'aikata da 'yan kasuwa masu rufin asiri suke zama. Daga nan sai unguwanni masu cunkoso irin su Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa, Ɗorayi, Sheka da Dakata, inda gida ke da sauƙi kuma ɗaki ba ya kwana babu mai nema. Sai bakin gari, wuraren da birni ke miƙa ƙafa: Danbare, Rimin Gata da Langel ta hanyar Gwarzo, Mariri ta hanyar Maiduguri, da yankin Kumbotso. Fagge da Sabon Gari lissafinsu daban ne, don shago da sito ne ke jan farashi a can saboda Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari.

Yanzu mu ɗauki biro. Lissafin guda ɗaya ne a kowace unguwa: abin da ya rage maka na haya bayan an cire ɗawainiya, a raba shi da duk abin da ya fita daga aljihunka har ka karɓi mukulli. Abin da na ƙara a kan lambobinka kiyasi ne don aikin lissafi, ka musanya shi da naka idan ka samu na zahiri.

Gidan Gyaɗi-Gyaɗi ba miliyan 27 zai ci maka ba. Idan la'adar dillali kashi 5 ce, miliyan 1 da dubu 350 ke nan. Lauya, takardu, fenti da ɗan gyaran rufi su ci ragowar, ka tashi a miliyan 30 cif. Daga hayar, cire dubu 150 na gyara duk shekara, cire dubu 100 a matsayin wata ɗaya da gidan zai zauna wayam tsakanin fitar wani da shigar wani. Saura dubu 950. Wannan kashi 3 ne da ɗan ɗoriya, wato sai an haura shekara 30 haya kaɗai ta dawo maka da uwar kuɗinka. Amma me ka samu? Mutum ɗaya kake bi kuɗi, mai yiwuwa ma'aikacin Asibitin Malam Aminu Kano ne da ke nan kusa a Titin Zariya, zai biya shekara a dunƙule. Kuma ranar da ka matsu ka sa gidan a kasuwa, mai saye ba zai yi wuya ba. Abu ɗaya nake so ka koma ka duba da idonka: mota tana shiga lungun har ƙofar gida? Gida biyu a unguwa ɗaya, girma ɗaya, wanda mota ke kai wa ƙofarsa ya fi ɗaya daraja ƙwarai, a haya da a sayarwa.

Danbare ita ce ta fi burge ni a takarda, ita ce kuma ta fi bukatar a yi mata tsayin daka. Fili da la'ada miliyan 8 da dubu 400. Rijiyar burtsatse, tanki, jawo wuta da mita, mu sa miliyan 2. Abin da ya rage na gini miliyan 19 da dubu 600, wato kusan miliyan 3 da dubu 300 a kowane ɗaki mai banɗaki da ɗan kicin a ciki, har da rabonsa na katanga da ƙofa da ramin masai. Kafin ka biya ko kwabo, ka sa magini da injiniya su rubuta maka adadin bulo, siminti, rodi da kwano, ka je kasuwa ka ji farashin da kanka. Buhun siminti da ake saye wajen dubu 5 a 2023 ya haura dubu 10 a wasu wurare a farkon 2024, kuma a lokacin na ga gine-gine da dama sun tsaya a linta, ciyawa ta fito a cikin ɗakunan. Kango ba ya kawo haya.

Idan ginin ya kammalu a wannan kuɗin, ɗakuna 6 za su ba da miliyan 2 da dubu 400. Kada ka lissafa da duka, ɗauka ɗaya babu kowa: saura miliyan 2. Mai kula da gida ya karɓi kashi 10, dubu 200. Gyara a gidan ɗalibai ya fi na gidan magidanci, famfo da ƙofa da sakata da injin ruwa, sa dubu 300. Ka tashi da miliyan 1 da rabi, kashi 5, shekara 20. Ya fi Gyaɗi-Gyaɗi, amma abincin gidan duka daga tukunya ɗaya yake fitowa, wato sabon mazaunin Jami'ar Bayero. A 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas. Ɗalibin da ke gida wajen iyayensa ba ya sabunta haya, wanda kuɗinsa ya ƙare a tsakiya kuma zai dawo yana roƙon a ɗauke masa watannin. Don haka idan za ka gina, ka zana ɗakunan yadda sabon ango ko ƙaramin ma'aikaci ma zai iya zama, kar ya zama sai ɗalibi kaɗai. Ka kuma auna nisan filin da ƙafa daga ƙofar jami'a. Idan sai an hau adaidaita sahu, dubu 400 ɗin da aka faɗa maka na wani layin ne.

Kurna ma a baki tana da daɗin ji. Gidaje biyu miliyan 26, la'ada miliyan 1 da dubu 300, gyara da takardu su cike miliyan 30. Haya miliyan 2 ta kusa kashi 7. To amma kai ɗan Kwari ne, ka san bambancin ciniki da kuɗi a hannu. Irin waɗannan gidajen ciki da falo ne da ɗaki ɗai-ɗai, wataƙila magidanta takwas ko goma, mafi yawa masu neman na yau ne. Wani zai biya wata uku-uku, wani zai kawo rabi ya ce a yi haƙuri zuwa bayan salla, kuma gaskiya yake faɗa, babu ce ta sa. Idan kashi ɗaya cikin huɗu bai shigo ba, ka cire yashe masai da gyaran tsohon rufi na dubu 300, ka koma miliyan 1 da dubu 200, kashi 4. Kar ka karɓi maganar dillali a nan. Ka zauna da 'yan hayar ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi nawa kowa ke biya, yaushe ya biya na ƙarshe, ka nemi ganin rasit. Ka kuma je a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Idan ka ga tabon danshi a jikin bango ya kai gwiwa, ko an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, gidan ya gaya maka abin da mai shi ya ɓoye.

Ka lura duk ukun tsakanin kashi 3 zuwa 5 suka tsaya. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30, kuma sukuk ɗin gwamnatin tarayya na farko, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, na 2017, ya biya kashi 16.47 a shekara ba tare da mutum ya bi kowa bashi ba. Ke nan wanda ya sayi gida a Kano ba haya ce babbar ribarsa ba, tashin darajar ƙasa ce, haya kuma ta riƙe gidan. Wannan tashin ya fi sauri a bakin gari, inda titi ko makaranta ko kasuwa ke tunkarowa, sai dai can ne kuma rigimar fili ta fi yawa.

Wannan ya kawo mu takarda, kuma ina roƙonka kada ka yi sakaci da ita. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, shi ke ba da shaidar mallaka, kuma sauya mai ita yana bukatar amincewarsa. Fili awon gwamnati ya fi awon igiya tsada saboda wannan. Yawancin abin da za a nuna maka a bakin gari awon igiya ne, gona ce aka yanka, takardarsa ta ciniki ce da sa hannun mai unguwa ko dagaci da shaidu. Ana saye, ana zaune lafiya a da yawa, amma sai ka bincika a ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, ko wurin yana cikin wani shiri na gwamnati, ka nemi izinin gini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kafin ka haƙa tushe. Rusau ɗin da aka yi a Kano a Yunin 2023 ya isa ya sa kowa ya tambayi asalin fili kafin ya biya. Gidajen Kurna kuwa, idan na gado ne, kowane magaji ya sa hannu, mata da maza, har wanda ke zaune a wani gari.

Da ni ne kai, kana tsaye a shago daga safe zuwa magariba, ba zan ɗauki Kurna ba, don tana son mai lokacin zirga-zirga da haƙurin bin bashi. Idan takardar Danbare ta fito fes kuma tafiyar ƙafa ce zuwa jami'a, can zan sa kuɗin, amma ɗakuna 4 zan fara kammalawa har su shiga haya, in bar miliyan 5 ko 6 a gefe saboda tashin kayan gini, sauran biyun su biyo baya. Idan takardar ta yi rauni ko da kaɗan ne, ka koma Gyaɗi-Gyaɗi ka taya gidan miliyan 24, ka nuna wa mai shi lissafin kashi 3 ɗin nan a rubuce.