Amsa: Ƙaiƙayi da farin ruwa, sanyi ne?

"Ina zaune a Agege. Sati biyu ke nan ina fama da ƙaiƙayin gaba da fitar ruwa mai ƙarni. Na sa maganin matsi daga kemis, bai yi ba. Sanyi ne?"

Sannu 'yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Matsalar ita ce komai mun haɗa mun kira shi sanyi, alhali ba ciwo ɗaya ba ne.

Wanda maganin matsin kemis ya fi yi wa aiki shi ne kandida, ciwon gaba da ƙwayoyin fungas ke jawowa. Ruwanta fari ne mai kauri kamar kindirmo, da ƙaiƙayi da raɗaɗi, amma yawanci ba ya wari. Zafi da gumin Legas da matsattsen wandon roba suna taimaka mata, haka ma juna biyu, ciwon suga da shan antibayotik.

Ƙarnin da kika ambata ne ya tsaya min a rai. Ruwa tsararo, ruwan toka, mai ƙarnin kifi, musamman bayan saduwa, ya fi kama da rikicewar ƙwayoyin bakteriya na gaba. Idan kore-kore ne mai kumfa, yana iya zama tirikomonas, wanda ake ɗauka ta saduwa, kuma dole a yi wa maigida magani tare da ke.

Tunda magani bai yi ba, ki je asibiti a ɗauki ruwan da auduga a gwada. Kafin nan ki daina matsi da wanke cikin gaba da sabulu ko alif, don suna ƙara rikita wurin. In da ciwon mara, zazzaɓi, jini ko juna biyu, yau za ki je.