Turke, sake da talala: yadda ƙasashe ke riƙe farashin kuɗinsu

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina yawan ji a labarai ana cewa wata ƙasa ta ƙayyade farashin kuɗinta, wata ta sake shi ga kasuwa, wata kuma tana sa masa hannu. Ni sabon shiga ne a harkar, don Allah wani ya fahimtar da ni bambancinsu da Hausa mai sauƙi.

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ba a aji na koyi wannan ba, a kasuwa na koya. Na daɗe ina saro yadi daga waje ina sayarwa a Kano, ina kuma kai kaya Maraɗi, don haka naira da sefa da dala duk sun ratsa hannuna, kuma kowacce ta koya mini darasinta. Idan na ce dala a nan, ta Amurka nake nufi, ba dalar mutanen Nijar mai sefa biyar ba.

Ka fara riƙe abu ɗaya: canji farashi ne, kamar farashin buhun masara. Akwai masu shigo da dala ƙasa, wato masu sayar da man fetur da riɗi da citta a waje, da 'yan uwa masu aiko da kuɗi gida, da masu zuba jari. Akwai kuma masu nemanta, irinmu 'yan kasuwa, da alhazai, da masu biyan kuɗin makaranta ko asibiti a waje. Idan dalar ta yi ƙaranci, dole wani abu ya motsa. Tsarin nan uku duk amsa ce ga tambaya guda: me zai motsa, kuma wa zai ɗauki nauyin?

Na saba kwatanta su da ɗaurin dabba. Akwai wadda aka ɗaure a turke, akwai wadda aka sake ta tana yawo, akwai wadda aka yi wa talala da doguwar igiya.

Turke shi ne ƙayyadajjen farashi. Babban bankin ƙasa ya ce kuɗina kaza ne a kan dala ɗaya ko yuro ɗaya, kuma ya yi alkawarin saye da sayarwa a kan haka. Duk wanda ya je Hajji ko Umra ya ga irinsa: dala ɗaya riyal 3.75 ce, kuma tun 1986 haka take. Sefa ma haka, yuro ɗaya sefa 655.957 ne tun 1999. Amfaninsa ga ɗan kasuwa babba ne. Abokin huldata na Maraɗi in zai yi odar kaya daga Faransa, ya san yau abin da zai biya nan da wata shida, ba ya kwana da fargabar canji.

Amma sanarwa ba ta riƙe farashi, rumbu ne ke riƙe shi. Ranar da masu neman dala suka fi masu kawo ta yawa, babban banki ne zai buɗe ajiyarsa ta kuɗin waje ya cike giɓin. Saudiyya na iya yin haka saboda kuɗin mai da ta tara. Ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma kuma suna da babban banki ɗaya na tarayya a Dakar, ga lamunin baitulmalin Faransa a bayansu. Kuma akwai abin da ake biya. Ƙasar da ta ɗaure kuɗinta ba ta da sakewar buga kuɗi yadda ta ga dama, ba ta kuma da cikakken iko da kuɗin ruwanta. Shi ya sa in babban bankin Amurka ya ƙara kuɗin ruwa, za ka ga na Saudiyya ya bi sahu. Turken ma yakan tumɓuke. A watan Janairun 1994 an wayi gari an karya darajar sefa da rabi: farankan Faransa ɗaya da ke sefa 50 ya koma sefa 100. Dattawan kasuwar Maraɗi har yau suna ba da labarin.

Inda nake so ka tsaya sosai shi ne abin da ke faruwa idan an kafa turke amma rumbu ba zai iya ba, domin wannan na gani da idona. Daga farkon 2015 zuwa tsakiyar 2016, farashin hukuma a Najeriya ya tsaya kusan naira 197 a dala. A lokacin gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo zuwa kusan dala 30 a farkon 2016. Dalar da ke shigowa ta ragu matuƙa, masu nema ba su ragu ba. Tunda ba a bar farashi ya motsa ba, sai aka koma rabo: aka fitar da jerin kayayyaki 41 da ba za a ba masu shigo da su dalar hukuma ba, sauran kuma suka shiga layi. A Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, kuwa dala ta haura naira 300.

Ga lissafin yadda abin yake. A ce kana da odar kaya ta dala 10,000. A farashin hukuma naira miliyan 1 da dubu 970 ke nan. Idan a kasuwar bayan fage dala tana 350, sai ka biya miliyan 3 da rabi. Bambancin ya haura naira miliyan ɗaya da rabi a kan kaya iri ɗaya. Wanda ya samu ta banki ba zai sayar da kayansa da araha ba, da farashin kasuwa zai sayar, rarar ta shiga aljihunsa. Wani ma ba zai sayo komai ba, zai karɓi dalar a 197 ya zagaya ya sayar a 350. Ni kaina na taɓa cike takardun neman dala a wani banki don biyan wata buƙata da doka ta yarda, na yi watanni ina zarya, ƙarshe lokaci ya ƙure mini na tafi wurin 'yan canji. Farashin yana nan a rubuce a allo, dalar ce babu. Abin da ya fi min ciwo shi ne talakan da aka ce ana karewa shi ne ke sayen kaya a farashin bayan fage.

Sake shi ne a bar kasuwa ta yi halinta. Babban banki ba ya alkawarin wani farashi. Masu saye da masu sayarwa ne ke tsayar da shi, yana canzawa kullum. Dala da yuro da fam na Ingila haka suke a tsakaninsu. A nan in dala ta yi ƙaranci, ba rumbu ke zuba ba, ba a kuma yin layi, farashi ne ke tashi. In ya tashi, kayan waje su yi tsada, mutane su rage saye, mai fitar da riɗi ya samu naira mai yawa a kan kowace dala, a hankali giɓin ya rufe. A takarda abin gwanin sha'awa ne. A ƙasar da ke shigo da magani da injina da alkama kuwa, wannan gyaran a tukunyar mutane yake sauka. Ranar 14 ga Yunin 2023 aka haɗe farashin canji a Najeriya aka sassauta riƙo. Dalar hukuma da ke wajen naira 460 ta haura 700 kafin watan ya ƙare, a watan Fabrairun 2024 kuma ta wuce 1,500. A ganina tsananin wannan faɗuwa ya samo asali ne daga shekarun da aka yi ana danne farashin. Ruwan da aka daɗe ana tarewa ba ya fita a hankali.

Talala kuwa ita ce tsakiya, kuma ƙasashe masu tasowa da yawa a nan suke, ko da me suka kira tsarinsu. Kasuwa ce ke tsayar da farashi, amma babban banki yana riƙe da igiya. In kuɗin ƙasa na faɗuwa da gudu, ya fito da dala ya sayar. In yana hawa da yawa har masu fitar da kaya za su ji jiki, ya sayi dala ya ƙara a rumbu. Yana kuma amfani da kuɗin ruwa don mutane su ga ribar riƙe kuɗin gida, kamar yadda Babban Bankin Najeriya ya ɗaga nasa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin ɗari a 2024. Ƙasar Sin tana yin nata a fili: kowace safiya ana sanar da farashin tsakiya, a bar yuwan ya motsa kashi 2 cikin ɗari sama ko ƙasa. Talalar kirki tana rage girgiza ne, ba ta hana kuɗi zuwa inda ƙarfin tattalin arziki ya ja shi. Ranar da babban banki ya kafe a kan lamba ɗaya yana ƙona ajiyarsa don kare ta, ya koma turke, ko da bakinsa na cewa talala.

Saboda haka ni ba na damuwa da sunan da aka ba tsari. Abin da nake dubawa da farko shi ne tazarar da ke tsakanin farashin banki da na 'yan canji. In 'yar kaɗan ce, kamar kashi biyu ko uku cikin ɗari, farashin hukuma na kusa da gaskiya. In ta kai kashi ashirin ko talatin ta kuma daɗe a haka, ka shirya, karyar daraja na tafe. Sai in tambayi kaina: mutum irina zai iya shiga banki ya samu dala a farashin da aka rubuta cikin 'yan kwanaki? Sannan in kalli ajiyar kuɗin waje da babban banki ke wallafawa. In tana raguwa wata bayan wata alhali farashi bai motsa ba, ana biyan kuɗin turken ne daga rumbu.

Akwai wani abu da ke ruɗa masu zuwa iyaka. Mutum ya ji an ce sefa a ɗaure take, ya je Jibiya ko Illela ya tarar farashinta na canzawa kullum. Ai da yuro aka ɗaure ta, ba da naira ba. Ga yadda za ka lissafa da kanka. A ce dala tana naira 1,500, yuro kuma dala 1.10 ne. Yuro ɗaya ya zama naira 1,650. Ka raba da 655.957, sai ka samu kusan naira 2.5 a kowace sefa, wato jaka ɗaya ta sefa 1,000 ta kama wajen naira 2,515. Da dala tana 750 da wannan farashin yuro, jakar ba za ta wuce naira 1,260 ba. Sefar ba ta yi komai ba, nairar ce ta motsa, wani lokacin kuma yuro ne ya motsa a kan dala. In ɗan canji ya faɗa maka farashin da ya yi nisa da wannan lissafi, ka tambayi wani kafin ka miƙa kuɗinka.

Idan kasuwanci za ka shiga da kayan waje a ƙasar da kuɗinta ke sake ko a talala, kada ka sa farashi bisa yadda ka saro, ka sa bisa abin da za ka biya ka sake saro irinsa yau. Na taɓa sayar da kaya kaf ina murnar riba, da na koma sayen dala sai kuɗin, uwa da riba, ba su kai su sayo mini adadin dilolin da na sayar ba. Tun daga ranar, da ciniki ya taru nake canza kason da zan yi oda da shi nan take, in bar a naira abin da zan kashe a gida kawai.