Kutsen kwamfuta daga ƙasar waje: wa ke da ikon kai ƙara?

Wani mai karatu daga Sabon Garin Zariya ya rubuto cewa kamfaninsa na adana wa shagunan magani bayanan ciniki, an yi masa kutse an goge komai. Yaron da ke kula masa da kwamfutoci ya ce adireshin IP ɗin maharan, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, na wata ƙasar waje ne. Yana so ya kai ƙasar Kotun Duniya kan keta diyaucin Najeriya, a biya shi diyya.

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ban ga takardunka ba, saboda haka ka ɗauki maganata a kan abin da ka rubuto kawai. Amma diyauci haƙƙin ƙasa ne, ba na ɗan kasuwa ba. Sashe na 34 na dokar da ta kafa kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Hague ya ce ƙasashe kaɗai ke shiga shari'a a gabanta. Najeriya na iya ɗaukar kokenka ta mayar da shi nata, sai dai wannan ganin damarta ne, kuma da wuya ka tilasta mata. Kai gwamnatin waje kotun gida ma, akasari kariyar da ƙasashe ke da ita za ta tare ka tun daga ƙofa.

A ce ma gwamnati ta yarda ta tsaya maka. Tambayar farko ita ce ko an karya wata doka, kuma a nan masana kansu ba su daidaita ba. A 2013 kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince dokokin ƙasa da ƙasa na aiki a intanet, amma bai warware yadda za su yi aikin ba. A 2018 babban lauyan gwamnatin Birtaniya, Jeremy Wright, ya ce a fagen kutse diyauci ginshiƙi ne da wasu dokoki suka ginu a kansa, ba doka ce mai zaman kanta da za a ce an karya ba. Faransa a 2019 ta ce kutsen wata ƙasa cikin na'urorinta keta diyauci ne. Matsayar Tarayyar Afirka ta Janairun 2024 ta fi kusa da ta Faransa: ƙasa ta shiga na'urorin da ke cikin wata ƙasa ba da izini ba haramun ne, ko na'urorin na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa. A ganina wannan matsaya ta fi dacewa da lamarinka, amma matsaya ce, ba hukuncin kotu ba, kuma ƙasar da kake zargi ba lallai ta yarda da ita ba.

Hana katsalandan kuwa kowa ya yarda doka ce, sai dai sharaɗinta mai tsauri ne. A shari'ar Nikaraguwa da Amurka ta 1986, kotun ta ce sai an tilasta wa ƙasa a kan abin da ita ke da ikon yanke wa kanta, kamar tsarin siyasa ko na tattalin arziki. Da maharan sun canza sakamakon zaɓe, da akwai magana. Goge lissafin shagunan magani ɓarna ce babba a gare ka, amma ban ga shawarar da aka tilasta wa Abuja ta sauya ba.

Sai maganar yaronka, wanda nake ganin ya yi gaggawa. Adireshin IP na nuna na'urar ƙarshe da aka biyo ta kanta ne, wadda sau da yawa ita ma an yi mata kutse ko hayarta aka yi. Ko an gano mutanen, sai an nuna ma'aikatan gwamnatin ne, ko da umarninta ko ƙarƙashin ikonta suka yi wannan aikin. In sun bar maka saƙon neman kuɗin fansa, alama ta fi karkata ga ɓarayi.

Abin da ke hannunka yana nan gida. Kada a goge na'urorin ko a sake ɗora musu manhaja kafin a kwafi bayanan shige da fice. Ka kai rahoto ga ngCERT, cibiyar gwamnati mai karɓar rahoton kutsen kwamfuta, kamar yadda dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanada; gyaran 2024 ya rage wa'adin zuwa awa 72. In akwai bayanan marasa lafiya a ciki, dokar kare bayanai ta 2023 ma tana iya hawa kanka.

Wanda ya fi kusa da shiga kotu a wannan magana kai ne, a matsayin wanda ake ƙara, domin masu shagunan na iya neman diyya. Ka kira su zaman sulhu tun kafin su nemi lauya, ka gaya musu abin da za a iya dawo da shi. Ka kuma ɗauko yarjejeniyarka da kamfanin da ke ajiye maka bayanan: in sun yi alƙawarin ajiye kwafi ba su yi ba, mai yiwuwa a can diyyarka take, kodayake irin waɗannan takardu kan ƙayyade iyakar abin da za su biya. Ka kai wa lauya ita ya karanta kafin ka rubuta musu komai.